Ɗalibin da Gudun Hijira ya Katse wa Karatu: Me Zai Rubuta?

A watan Maris na 2014 gwamnatin Borno ta rufe makarantun sakandare saboda hare-haren Boko Haram. A watan Agusta garin Gwoza ya faɗa hannun 'yan bindiga, Bama ta bi baya a watan Satumba. Wasu mazauna garuruwan sun nufi Maiduguri, wasu Mubi da Yola, wasu kuma suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao. Yaran da ke ƙaramar sakandare a wancan lokaci yau sun girma, kuma duk wanda ya nemi komawa karatu ko tallafin kuɗin jarrabawa a cikinsu, sai ya ji an ce ya kawo bayani a rubuce.

Da yawa a nan suke tuntuɓe. Mutum zai cika shafi biyu da labarin daren da aka gudu da yunwar da aka sha a daji, ya rufe da roƙon a taimaka masa don Allah. Duk gaskiya ne. Sai dai malamin da ke riƙe da takardar yana da tambayoyin da dole ya amsa kafin ya sa hannu: a wane aji karatun ya tsaya, a wace shekara, wace shaida ta rage, kuma me ake nema yanzu. In bai ga amsa ba, zai tausaya, amma takardar za ta kwana a durowa.

Ga misalin da na tsara, na wata ɗaliba da za mu ɗauka daga Gwoza ta fito:

"Ranka ya daɗe, ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka rufe makarantarmu a Maris 2014. A Agusta muka baro Gwoza, muka zauna a sansanin Bakassi da ke Maiduguri har aka rufe shi a 2021. Ban rubuta jarrabawar aji uku ba. Takardar shaidar firamare ta ƙone tare da gidanmu, amma na haɗa takardar rantsuwa ta kotu da lambar NIN. A sansanin na yi shekara biyu ina zuwa ajin yamma, na kuma koyi ɗinki, da shi nake ciyar da ƙannena. Ina iya karanta Turanci, lissafi ne ya yi mini nisa. Ina neman a biya mini kuɗin rajistar NECO ta masu zaman kansu, da darasin lissafi na wata shida."

A lura ta ba da lokuta biyu, na rufe makaranta da na barin gari. Yawanci ba sa zuwa ɗaya, kuma wanda ya cakuɗa su sai a ga bayaninsa ya saɓa da abin da kowa ya sani, a fara zarginsa da ƙarya alhali mantuwa ce. Wanda watan ya ɓace masa ya tuna ko kafin azumi ne ko bayan babbar salla, ya nemi wani ya duba masa kalandar shekarar.

Batun takardu shi ya fi cin rai. Takardar rantsuwa tana tabbatar da cewa shaida ta ɓace, amma ba ta zama shaidar kanta ba, don haka a ƙara da wasiƙar wani tsohon malami ko ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma idan an samu. Wanda ya riga ya rubuta WAEC ko NECO ya kwantar da hankalinsa, sakamakonsa na nan wajen hukumar ko da takardar ta zama toka, lambar jarrabawa da shekara ne abin nema. A kuma duba suna da ranar haihuwa. Idan an rubuta Aisha a nan, Aishatu a can, ko shekarun NIN suka bambanta da na takardar rantsuwa, matsalar za ta jira shi a rajistar JAMB, inda ba a shiga sai da NIN.

Ɗinkin da ɗalibar ta ambata ba cikon shafi ba ne. Yana nuna shekarun nan ba a zaune suka wuce ba. Faɗin rauninta a lissafi kuma shi zai sa a san inda za a fara da ita, maimakon a tura ta zauren jarrabawa ta faɗi, kuɗin rajista su tafi a banza.

Abin da ya faru da mutum a hanya, kisan iyaye ne ko tsarewa a daji, mallakinsa ne. "Rikici ya raba mu da garinmu" ta wadatar. Masu karɓar irin wannan takarda, don Allah ku daina tilasta wa ɗalibi tona abin da ya fi so ya rufe. Ku tambaye shi ajin da ya tsaya, ku gwada shi, ku ba shi kujera.