Awon Gahawa: Sikeli Ko Cokali?

Injin dafa gahawa mai takardar tacewa aikinsa ɗaya ne: ya tafasa ruwa, ya riƙa ɗiga shi a kan garin gahawa har ya tsiyaye cikin buta. Bai san yawan garin da aka zuba masa ba. Shi ya sa gahawar gida ɗaya takan fito yau da kauri, gobe kuma tsululu, alhali inji da gari ba su canza ba.

Ƙungiyar masana gahawa ta SCA ta tsayar da giram 55 na gari ga kowace lita ɗaya ta ruwa, ana iya ƙari ko ragi kaɗan. Masu dafawa da yawa sun fi son giram 60, kuma lissafinsa ya fi sauƙin riƙewa.

Mu ɗauki inji mai cin lita 1.25, irin wanda ake rubuta wa kofi 10. Kofin nan na mililita 125 ne, wato rabin babban kofin shayi, don haka da lita za a yi lissafi. A kan giram 60, wannan inji na buƙatar giram 75. Garin zai riƙe ruwa kamar ninki biyu na nauyinsa, saboda haka abin da zai sauka a buta kimanin lita 1.1 ne.

To da cokali fa? Babban cokalin awo yakan ɗauki kusan giram 5, ke nan cokali 15. Matsalar ita ce cokali girma yake aunawa, kamar mudu a kasuwa: na wani shafe, na wani da tozo. Ga kuma bambancin suya. Ƙwayar da ta sha wuta ta yi baƙi tana kumbura ta rage nauyi, wadda aka soya sama-sama kuwa ta fi ta nauyi. Idan cokali ya ɗebo giram 4, jimla ta zama 60. Idan ya ɗebo 6, ta zama 90. Tazarar giram 30 ke nan a buta guda.

Harshe zai faɗa maka inda aka kuskure. In gari ya yi kaɗan, ruwa yakan tatse shi fiye da kima, gahawa ta fito ba kauri, ga ɗaci. In ya yi yawa, sai ta yi nauyi da ɗan tsami, wani lokaci ruwa ya tumbatsa daga matacin.

Sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya ya raba wannan gardama. Wanda ba shi da nasa ya ari na wani sau ɗaya, ya auna shafaffen cokali 10, ya raba nauyin gida goma, ya riƙe cokalin nan kullum. Amma duk ranar da ka canza irin gahawa ko laushin niƙa, ka sake awo.