Kwastoma Ɗaya, Suna Biyu a Rumbu

A ce wani dillalin takin zamani yana da kwastomomi 1,200 a cikin fayil ɗin CSV: sunan kowa, lambar wayarsa, da bashin da ake bin sa, jimilla naira miliyan 18. Ya sayi sabuwar manhaja, akawunsa ya danna maɓallin loda fayil ɗin. Ana cikin haka intanet ta yanke, allo ya tsaya cik. Akawu ya ɗauka aikin bai shiga ba, ya sake dannawa, alhali na farko ya riga ya kammala. Washegari manhaja ta nuna kwastomomi 2,400, bashi kuma ya zama miliyan 36.

Za a yi saurin ɗora wa akawu laifi, amma ba nasa ba ne. Duk wanda bai ga sakamako ba zai sake gwadawa. Matsalar tana cikin yadda aka gina teburin da ke ajiye bayanan. Duk layin da ya shiga tebur, rumbun bayanai yakan ba shi lambar jeri da ake kira `id`, wadda ba ta maimaituwa. Manomin da ya samu lamba 57 a lodin farko ya samu 1,257 a na biyu. A wurin kwamfuta mutum biyu ke nan, domin ba wanda ya gaya mata cewa lambar waya ɗaya tana nufin mutum ɗaya.

Ɓarnar ba ta tsaya a lissafi ba. Manomin zai samu saƙon tunin bashi sau biyu. Idan ya kawo kuɗi aka rubuta a layi na 1,257, layi na 57 zai ci gaba da nuna bai biya ba. Daga nan sai musu, mutumin da ya sauke nauyinsa a mayar da shi maƙaryaci a gaban jama'a. Kuma duk kwanan da aka ƙara ana ciniki a kan layukan biyu, gyaran yana ƙara wuya.

Gano matsalar ba wuya. Wannan umarni zai fito da duk lambar wayar da ta bayyana fiye da sau ɗaya:

```sql
SELECT waya, COUNT(*)
FROM kwastomomi
GROUP BY waya
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Idan lambobi 1,200 suka fito, kowacce sau 2, to lodi ne aka maimaita. Amma kada a yi gaggawar gogewa. A fara ajiye kwafin rumbun gaba ɗaya. Sannan a zaɓi layin da za a bari, galibi mai ƙaramin `id`, a mayar da duk rasit da biyan kuɗin da ke rataye da ɗaya layin zuwa kansa, kafin a goge na ƙarin. Wanda ya tsallake wannan mataki zai iya goge shaidar biyan wani tare da layin.

Bayan shara sai a toshe kafar:

```sql
ALTER TABLE kwastomomi
ADD CONSTRAINT waya_guda UNIQUE (waya);
```

Wannan ƙa'ida ta `UNIQUE` tana hana lamba ɗaya shiga sau biyu, kuma rumbun ba zai yarda a kafa ta ba muddin akwai sauran maimaici. A PostgreSQL, idan aka ƙara `ON CONFLICT (waya) DO NOTHING` a ƙarshen umarnin `INSERT`, lodi zai tsallake wanda yake ciki ya shigar da sabo kawai. Ko sau goma aka loda, 1,200 ɗin ne.

Wasu masu rubuta manhaja sukan ce ai manhajarsu tana dubawa kafin ta shigar. Hakan bai wadatar ba. Idan lodi biyu suka tashi lokaci guda, kowanne zai duba ya ga babu, kowanne ya shigar. Rumbun ne kaɗai yake ganin duka biyun.

Saura zaɓen abin da za a ɗora ƙa'idar a kai. Suna ba zai yi ba: Musa Ibrahim nawa ne a gari ɗaya, ga kuma Muhammad da Muhammadu da wataƙila mutum ɗaya ne? Ita ma lambar waya sai an daidaita rubutunta, domin wadda ta fara da 0803 da wadda ta fara da +234803 daban suke a idon kwamfuta. Sannan a PostgreSQL, idan ba a tsara akasin haka ba, `UNIQUE` ba ta hana layukan da gurbin wayarsu yake `NULL` maimaituwa. A karkara kuma uba da ɗa sukan yi amfani da waya ɗaya. Inda haka ta yi yawa, gara dillali ya ba kowa lambar kwastoma tasa tun a cikin fayil, a ɗora ƙa'idar a kanta.

Saboda haka, kafin mai shago ya karɓi manhaja, ya nemi a loda fayil ɗaya sau biyu a gabansa, a rumbun gwaji, ya duba jimilla. Idan ba ta motsa ba, to ya iya damƙa mata littafin bashinsa.