Saƙon neman kuɗin aikin da ya wuce ciniki

Mai sana'a mai zaman kansa, kamar mai zanen talla a kwamfuta, yakan yi ciniki da kwastoma a kan aiki mai iyaka, amma ana cikin yi sai ƙari ya riƙa shigowa da kaɗan-kaɗan: “ɗan haɗa mini da wannan.” Kowane ƙari shi kaɗai bai kai a yi magana ba, sai an tara su a ga sun cinye kwana biyu. Maganinsa rubutaccen saƙo ne, domin rubutu ya fi saƙon murya sauƙin komawa a duba.

Kafin a rubuta, sai a bambance gyara da sabon aiki. A ce an yi ciniki a kan tambarin shago da fosta ɗaya, da gyara sau biyu, a kan naira 40,000. Canza launin tambarin gyara ne, yana cikin kuɗin. Katin gayyatar buɗe shago da hotunan talla guda uku kuwa ba su shiga cinikin ba. Ma'aunin shi ne: shin abin da aka nema taɓa aikin da aka ambata ne, ko ƙirƙiro wani daban?

Saƙon yakan fara da tuna cinikin farko, ya lissafa ƙarin, ya sa masa farashi da lokaci, sannan ya bar wa kwastoma zaɓi:

“Assalamu alaikum, Alhaji, barka da aiki. Cinikinmu na tambari ne da fosta ɗaya, da gyara sau biyu, a kan naira 40,000, kuma an gama su. Katin gayyata da hotuna ukun da ka nema jiya ba sa ciki. Katin naira 10,000 ne, hotunan 4,000 kowane, jimilla 22,000, zan kammala ranar Alhamis. Idan ka amince, ka turo rabi kafin alƙalami in fara. In kuma a tsaya a na farko ne, zan turo maka shi yau.”

Babu zargi a ciki, babu kuma neman afuwa. Yawancin kwastomomi ba da niyyar cuta suke ƙarin ba, sai don ba su san wahalar da ke bayansa ba, zargi kuwa yana juya maganar kuɗi ta koma rigima.

Lokacin aikawa ya fi komai muhimmanci, kuma a nan kunya take cutar mutane. Saƙon yana da ƙarfi ne kafin a taɓa ƙarin aikin. Wanda ya yi shiru ya gama, ya miƙa, sannan ya kawo lissafi, kwastoma na da hujjar cewa ya ɗauka kyauta ce. A irin wannan hali, abin da ya fi shi ne a ambaci aikin da aka riga aka yi, a nemi abin da ya sawwaƙa a kansa, a kuma faɗa ƙarara cewa duk ƙarin da zai biyo baya sai an yanka masa farashi tukuna.