Lissafin da ya fitar da Messi daga Barcelona

A watan Yulin 2021 Lionel Messi ya amince a rage rabin albashinsa don ya ci gaba da zama a Barcelona. Ƙungiyar tana son sa, shi ma yana son zama, amma aka kasa yi masa rajista, ya yi bankwana yana hawaye ya tafi PSG. Masu kallon ƙwallo da yawa sun ɗauka rigima ce ta cikin gida. Alhali abin da ya hana shi zama lissafi ne, wanda hukumar La Liga ke yi wa kowace ƙungiya tun 2013.

Tsarin Sifaniya ya sha bamban da na Amurka. A gasar NFL iyaka ɗaya ake sa wa dukkan ƙungiyoyi. A La Liga kowa da tasa: ƙungiya ta miƙa hasashen kuɗin da za ta samu a kakar wasa, a cire abin da take kashewa wajen tafiyar da harkokinta da biyan bashi, abin da ya saura shi ne iyakar abin da za ta kashe kan 'yan wasa da masu horarwa. A kakar 2019/20 iyakar Barcelona ta kai kimanin yuro miliyan 671. Korona ta rufe filin Camp Nou, asara ta taru, a kakar 2021/22 iyakar ta faɗo ƙasa da miliyan 100. Kwantiragin 'yan wasa kuwa ba ya raguwa don kuɗin shiga ya ragu. Shugaban ƙungiyar, Joan Laporta, ya ce da Messi albashi zai cinye kashi 110 cikin 100 na kuɗin shiga, ba shi kuma kashi 95.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne ba albashi kaɗai ake ƙirgawa ba. Kuɗin sayen ɗan wasa ma yana ciki, sai dai ba a ɗora shi a kaka ɗaya. Ana raba shi daidai a kan shekarun kwantiragi. Barcelona ta sayi Antoine Griezmann a 2019 kan yuro miliyan 120 da kwantiragin shekara biyar. Wato miliyan 24 ke nan duk kaka, tun kafin a biya shi ko sisi na albashi. Bayan shekara biyu, sauran miliyan 72 suna nan rubuce a littafin ƙungiya. In aka sayar da shi ƙasa da haka, giɓin ya zama asara, asarar kuma ta ƙara rage iyakar. Shi ya sa ɗan wasan da aka saya da tsada yake zama ƙarfen ƙafa, ana gama shi da aro kamar yadda aka mayar da Griezmann Atlético Madrid a 2021.

To yaya mai tsara kasafi yake raba kuɗin? Mu ƙaddara wata matsakaiciyar ƙungiya da aka ba iyakar miliyan 60. Sai a fara ware miliyan 6 na koci da mataimakansa da ƙungiyar matasa, a ajiye miliyan 4 saboda kasuwar Janairu da ladan cin wasa. Saura miliyan 50 ga 'yan wasa 25, adadin da La Liga ta yarda a yi wa rajista a babbar tawaga. A ce masu tsaron raga uku sun ɗauki miliyan 4, 'yan baya takwas miliyan 14, 'yan tsakiya takwas miliyan 16, 'yan gaba shida miliyan 16. 'Yan gaba sun fi tsada a kan kowane mutum, don kasuwa ta fi biyan mai cin ƙwallo.

Yanzu koci ya ce lallai sai an kawo masa wani ɗan gaba da kuɗinsa ya kai miliyan 20, albashinsa miliyan 4, kwantiragin shekara huɗu. Miliyan 5 na saye da miliyan 4 na albashi, ya ci miliyan 9 duk kaka shi kaɗai. Sauran 'yan gaba biyar za su raba miliyan 7. Ko dai a cike gurbinsu da yaran da ƙungiya ta rena, ko a ɗebo daga kason 'yan baya. Ɗibar nan ba a ganin illarta a watan Agusta. Sai Nuwamba ta yi, 'yan baya biyu sun ji rauni, a ga ɗan tsakiya yana buga lamba biyar. Barcelona ta tara Messi da Griezmann da Dembélé da Coutinho a lokaci guda, manyan kuɗi duk a gefe ɗaya na fili. Da aka zo wasan farko na kakar 2021/22, sai da Gerard Piqué ya rage albashinsa kafin a iya yi wa Memphis Depay da Eric García rajista, su da aka ɗauko ba tare da kuɗin saye ba.

Rabon kaka da kaka ya fi rabon gurbi wuya, kuma a ganina nan ake gane gwani. Miliyan 9 ɗin nan ba na bana kaɗai ba ne; an riga an ci su daga kasafin baɗi da na shekaru biyu bayansa, alhali ba wanda ya san nawa iyakar za ta kasance. Ƙungiyar da ta tsara albashi bisa kuɗin gasar zakarun Turai, in ta kasa samun gurbi, kuɗin ya tafi, kwantiragi yana nan. Don haka masu lura suke sa wani kaso na albashi ya dogara da nasara, ko su rubuta cewa zai ragu in an faɗa ƙaramar gasa. Suna kuma jeranta ƙarewar kwantiragi, yadda duk bazara za a sami manyan albashi biyu ko uku da suka sauka. In babu wanda ke ƙarewa, hannu ya ɗaure. In duk 'yan baya suka ƙare tare, kowa ya san kana cikin matsi, ya tsauwala maka farashi.

Akwai dabarar ture nauyi gaba. A ƙarshen 2020 Barcelona ta tsawaita kwantiragin Piqué da Ter Stegen da Lenglet da Frenkie de Jong, aka rage abin da za su karɓa nan take, aka mayar da shi shekarun gaba. An sami sauƙi a lokacin, amma rance ne da sunan ragi, kuma ranar biya ta zo daidai lokacin da ake neman sarari. Tsawaita kwantiragi don kason shekara ya ragu shi ma an toshe shi: bayan Chelsea ta riƙa ba da kwantiragin shekara takwas, UEFA ta ƙayyade a 2023 cewa ba za a raba kuɗin saye fiye da shekara biyar ba.

Ƙungiyar da ta wuce iyaka ba a ce ta kori kowa. Hukuncin yana wajen rajista: ba za ta kashe sai wani kaso na abin da ta rage ba. A wancan lokaci kashi ɗaya cikin huɗu ne, wato ka sauke albashin miliyan 8 kafin ka ɗauko mai cin miliyan 2. Don ta kuɓuta, a 2022 Barcelona ta sayar wa kamfanin Sixth Street kashi 25 cikin 100 na haƙƙinta na nuna wasannin La Liga a talabijin har shekara 25. Iyakarta ta koma sama da miliyan 650, ta sayi Lewandowski da Raphinha da Koundé, ko da yake Koundé bai buga wasannin farko ba saboda jiran rajista. Kuɗin sayar da kadara sau ɗaya yake shigowa, albashin da aka ɗauka da shi kuwa duk kaka ne. A Satumban 2023 iyakar ta dawo miliyan 270. A 2024 kuma sai da Andreas Christensen ya yi doguwar jinya, doka ta ba da damar amfani da wani kaso na albashinsa, sannan aka yi wa Dani Olmo rajista, ita ma zuwa ƙarshen Disamba kawai.