Yadda ake zaɓa wa wayar ɗan Rijiyar Zaki sabar da za ta amsa mata

Idan mutum ya buɗe wani babban shafin intanet daga Rijiyar Zaki, a ƙaramar hukumar Ungogo ta Jihar Kano, galibi ba ainihin kwamfutar mai shafin ce ke amsa masa ba. Kamfanonin rarraba bayanai, waɗanda ake kira CDN, irin su Akamai da Cloudflare, kan ajiye kwafin shafin a sabobi masu yawa a faɗin duniya, sannan su tura kowa zuwa wadda ta fi kusa da shi. Sai dai kusancin da suke nufi ba na taswira ba ne.

Dalilin wannan ɗawainiya lissafi ne. Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, saboda haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 10 ba. Idan kuwa sai an haura Turai ta wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, mai tsawon kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal, lissafin ya kai milisakan 80. Kafin shafi mai tsaro ya fara sauka a kan yi irin wannan kai-komo sau uku: ƙulla layi, musayar makullan sirri, sannan neman shafin. Ke nan milisakan 30 a Legas, 240 a Turai, ban da jinkirin hasumiyar sadarwa.

Hanya ta farko ta zaɓen saba ita ce DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi lambar adireshi. Wayar kan tambayi na'urar DNS ta kamfanin layinta, ita kuma ta kai tambayar ga CDN. A nan CDN yake duba inda tambayar ta fito, ya ba da adireshin sabar da yake ganin ta dace, tare da ɗan gajeren wa'adi, sau da yawa ƙasa da minti ɗaya, domin ya iya sauya amsa idan sabar ta cika ko ta faɗi. Akamai ya daɗe a kan wannan hanya.

Rauninta a fili yake: CDN ba ya ganin wayar, ɗan aiken kawai yake gani. Idan mutum ya sa wayarsa ta riƙa tambayar wata na'urar DNS da ke Turai, za a iya ɗaukarsa mazaunin can, a haɗa shi da sabar can. An rage wannan matsala da ƙa'idar RFC 7871 ta shekarar 2016, wadda ta ba ɗan aiken damar bayyana wani ɓangare na adireshin mai tambaya. Na'urar Google ta 8.8.8.8 tana yin haka, ta Cloudflare kuwa, 1.1.1.1, ba ta yi, saboda kare sirrin masu amfani da ita.

Hanya ta biyu, enikast, ba ta dogara da wannan hasashe ba. Adireshi ɗaya ake ba kowa, amma ana shelanta shi daga birane da dama a lokaci guda ta tsarin BGP, wanda kamfanonin sadarwa ke sanar da juna hanyoyi da shi. Na'urorin kamfanin layin ne ke zaɓen inda saƙo zai bi. BGP kuwa bai san kilomita ba: yana fara bin fifikon da kamfanin ya tsara, wanda galibi kuɗi ne ke bayansa, sannan ya ƙirga yawan kamfanonin da za a ratsa. Saboda haka idan kamfani bai haɗa waya da CDN a Legas ba, ko kai tsaye ko ta cibiyar musaya ta IXPN, saƙon ɗan Kano na iya wuce sabar Legas ya sauka Landan. Ita IXPN tana da reshe a Kano, amma reshe ba ya amfanar kowa sai kamfanin layinsa da mai bayanan duk sun jona a wurin.

Mai karatu zai iya gwadawa da kansa. Ya rubuta wannan a burauzar wayarsa:

```
https://www.cloudflare.com/cdn-cgi/trace
```

Sai ya nemi layin da ya fara da `colo=`. Idan ya ga `LOS`, Legas ce ta amsa. `LHR` Landan ce, `AMS` kuma Amsterdam. Ya sauya zuwa sim na wani kamfani ya maimaita. Maƙwabta biyu a zaure ɗaya na iya samun amsa daban, kuma ba laifin wayar kowa ba ne.

A kiyaye, sabar kusa kwafi kawai take riƙe. Abin da ba ta da shi, kamar bayanan asusun mutum, sai ta ɗauko daga tushe. Shi ya sa a ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka katse a tekun Afirka ta Yamma, hidimomi da dama da tushensu ke ƙetare suka shiga matsala, ko da kuwa kwafin hotunan shafukansu na ajiye a Legas.