Daga gida biyu zuwa gida ɗaya: yadda ake haɗa naira da kwabo ba tare da lissafi ya zame ba

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin rasit, ko takardar zuba kuɗi a banki, ko littafin ma'ajin wata ƙungiya, ya san siririn layin nan da ke gefen dama na shafi. Hagu da shi gida ne mai faɗi da aka yi wa alamar ₦, dama da shi kuma ɗan ƙaramin gida mai alamar K. Akawu yakan rubuta naira a babban gida, kwabo a ƙarami, kuma a kan takarda tsarin ba ya da matsala. Rigimar takan taso ne ranar da aka ce a kwashe littafin a zuba a kwamfuta, a mai da gidajen biyu gida ɗaya mai ɗigo a tsakiya, irin 12,500.05.

Raba gidajen gado ne daga zamanin fam da sule da kwabo, lokacin da littattafan lissafi ke da gida uku, domin kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 kuma fam ɗaya. A ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta koma naira, fam ɗaya ya zama naira biyu, naira ɗaya kuma kwabo 100. Gida uku suka koma biyu, masu ɗab'i suka ci gaba da buga su haka har yau.

Kwabo ya daɗe da ɓacewa daga hannun mutane a kasuwa, amma yana nan daram a takardun banki. Wanda ya tura kuɗi tsakanin bankuna ya saba ganin an cire masa ₦10.75, ko ₦26.88, ko ₦53.75. Waɗannan kuɗin aiki ne na naira 10 da 25 da 50, da aka ɗora musu harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020. Ma'ajin da ke son littafinsa ya yi daidai da takardar banki dole ya riƙe waɗannan kwabbai, domin mai binciken asusu da ya ga jimla biyu sun saɓa, ko da kwabo 45 ne, zai so a gaya masa dalili.

A ɗauka wani ma'aji yana da layi biyar a shafi guda. Na farko naira 12,500 da kwabo 05. Na biyu naira 3,200 da kwabo 50. Na uku naira 26 da kwabo 88, na huɗu naira 53 da kwabo 75, na biyar naira 8,000 cif, an ja ɗan gajeren layi a gidan kwabo. Idan ya tara da biro, gidan naira zai ba shi 23,779, gidan kwabo kuma 218. Kwabo 218 naira biyu ce da kwabo 18, saboda haka jimlar gaskiya ita ce ₦23,781.18.

Yanzu ya shigar da su a Excel, naira a gidan A, kwabo a gidan B. Dabarar da ta fi saurin zuwa wa mutum ita ce manna lambobin biyu da ɗigo a tsakani:

```
=VALUE(A2&"."&B2)
```

Layi na biyu da na uku da na huɗu za su fito daidai, mutum ya saki jiki. Layi na farko ne ke cin amana. Da aka rubuta 05 a gidan kwabo, Excel ya jefar da sifirin gaba ya ajiye 5 kawai. Da aka manna sai aka samu 12500.5, wato kwabo 50 a maimakon kwabo 5. Babu wani gargaɗi da zai bayyana a fuskar kwamfuta, jimla dai za ta koma ₦23,781.63, ta ɗara ta takarda da kwabo 45.

Wannan kuskure yana barin sawu. Kwabo 5 ya koma 50, ƙarin 45 ke nan. Da 3 ne ya koma 30, ƙarin 27. Da 8 ne, 72. Kullum ƙarin ninki tara ne na kwabon asali. Saboda haka idan jimlar kwamfuta ta fi ta takarda da adadin da 9 ke rabawa ba saura, sai a fara duba layukan da kwabonsu bai kai 10 ba. A misalin nan 45 a raba da 9 ya ba da 5, kuma layi ɗaya ne kaɗai ke da kwabo 5.

Mannawa tana da wata illar kuma. Wasu akawu sukan rubuta jimlar ƙasan shafi kafin su kwashe ɗaruruwan kwabo zuwa gidan naira, a ga 23,779 a wannan gida, 218 a wancan. Idan aka manna su sai a samu 23779.218, wanda zai bayyana a matsayin ₦23,779.22, kusan naira biyu ta ɓace.

Hanyar da ke tsare duk wannan ita ce a daina ɗaukar aikin a matsayin haɗa rubutu, a yi shi da lissafi, kuma a fara mai da kowane adadi kwabo zalla. A gidan C sai a rubuta:

```
=A2*100+B2
```

Layi na farko ya zama kwabo 1,250,005, na biyu 320,050, na uku 2,688, na huɗu 5,375, na biyar 800,000. Ko an rubuta 05 ko 5, sakamakon ɗaya ne, domin biyar aka ƙara. Jimlarsu 2,378,118. Jimlar ƙasan shafin nan ma, 23,779 sau 100 a ƙara 218, ita ce 2,378,118. Sai a ƙarshe, a gidan D da za a nuna wa mutane, ake raba da ɗari, a kuma saita gidan ya riƙa nuna lamba biyu bayan ɗigo:

```
=C2/100
=SUM(C2:C6)/100
```

Kafin nan akwai ɗan shara da za a yi. Gajeren layin da akawu ke ja a madadin sifiri rubutu ne a wurin Excel, kuma zai haifar da `#VALUE!`, don haka a maye gurbinsa da 0. Haka kuma wanda ya sa alamar ' a gaban 05 don sifirin ya tsaya, ya mai da lambar rubutu, kuma `SUM` yakan tsallake rubutu shiru idan aka tara gidan B kai tsaye. Lambar da ta jingina hagu alhali 'yan'uwanta suna dama, ita ce abin tuhuma.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana a rubuta `=A2+B2/100` a wuce wurin? Ga layi ɗaya hakan zai nuna adadi daidai. Dalilin bi ta kwabo zalla yana cikin yadda kwamfuta ke ajiye lambobi. Ita da sifiri da ɗaya take ƙirga, kuma a wannan tsari cikakkun lambobi suna zama cif, amma yawancin gutsattsari, irin 0.1 ko 0.35, ba sa ƙarewa, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa idan aka rubuta shi 0.3333. Dole ta yanke a wani wuri ta ajiye abin da ya fi kusa. Wanda ya rubuta `=(43.1-43.2)+1` a Excel, ya buɗe lambobi 15 bayan ɗigo, zai ga 0.899999999999999 a maimakon 0.9.

Wannan ɗan gutsure bai kai kwabo ba ko kusa, amma yana cizo a wuri biyu. Na farko wajen gwada jimla da jimla: biyun su nuna adadi ɗaya a ido, a cire ɗaya daga ɗaya, abin da ya rage ya ƙi zama sifiri. Na biyu wajen komawa baya daga gida ɗaya zuwa kwabo. A harshen Python, ga abin da ke faruwa da ₦4.35:

```
>>> 4.35 * 100
434.99999999999994
>>> int(4.35 * 100)
434
```

Kwabo ɗaya ya tafi, saboda an datse wutsiyar lambar maimakon a cike ta zuwa mafi kusa. Don haka duk mai mai da adadi mai ɗigo zuwa kwabo a Excel ya yi amfani da `=ROUND(D2*100,0)`. Masu gina manhajojin biyan kuɗi sun san wannan sarai, shi ya sa kamfanin Paystack ke karɓar adadi a kwabo: mai son a caji naira 500, 50000 yake aikawa. Excel yana riƙe lamba 15 ne, wanda a kwabo ya kusa naira tiriliyan goma, ya ishi littafin kowace ƙungiya ko shago.

Kuɗin da aka cire ko aka mayar suna da nasu tarko. Idan an rubuta -150 a gidan naira da 25 a gidan kwabo, abin nufi shi ne an cire ₦150.25. Amma -150 sau 100 a ƙara 25 zai ba da -14,975, wato ₦149.75. Alamar ragi ta hau kan naira ta bar kwabo, kuskuren ya zama ninki biyu na kwabon, kwabo 50. Gyaran shi ne a haɗa su tukuna sannan a mayar da alamar:

```
=IF(A2<0,-1,1)*(ABS(A2)*100+B2)
```

Ko wannan ba zai ceci layin da nairarsa sifiri ce ba, kamar an cire kwabo 75 kawai, domin sifiri ba ya ɗaukar alamar ragi. Abin da ya fi aminci shi ne a ware gida na musamman da ke faɗin ko kuɗi sun shigo ne ko sun fita, kamar yadda littafin takarda ke raba shiga da fita.

Saura abu ɗaya da ke ruɗa har ƙwararru, wato sake lissafa abin da aka riga aka buga. Naira 25 da harajinta ₦26.875 ce, banki ya cike ta zuwa ₦26.88 saboda babu rabin kwabo a asusu. Ma'ajin da ya tura kuɗi sau goma an cire masa ₦268.80. Idan ya ce bari ya huta, ya ninka 25 sau goma ya ɗora haraji, ₦268.75 zai samu, ya yi ta neman kwabo 5 da ba inda suka je. Idan kuma ya bar 26.875 a gida ya saita shi ya nuna lamba biyu, idonsa zai ga 26.88 amma Excel da 26.875 zai yi tara. Aikin mai kwafa shi ne ya ɗauki abin da ke rubuce a gidajen biyu yadda yake, tunda wanda ya buga takardar ya riga ya yi cikewar.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne, kuma a kowane shafi ake yin sa, ba sai an gama littafi ba. A tara gidan naira da gidan kwabo daga takarda, a ninka jimlar naira sau 100, a ƙara jimlar kwabo, a gwada da jimlar gidan C. Cikakkun lambobi ne duka, saboda haka ko dai su zo ɗaya cif ko akwai layin da aka kwafa ba daidai ba. Mai wannan aiki kada ya goge gidajen A da B bayan ya haɗa su, domin su ne za a koma wa ranar da aka zo bincike.