Wasiƙar aboki daban, ta shugaban makaranta daban

A jarrabawar Turanci ta WAEC, ɗalibi kan iya nahawu sarai amma ya zubar da maki a rubutun wasiƙa, don kawai ya yi wa shugaban makaranta magana kamar yana hira da abokinsa a bakin titi.

A ce an umarce ka ka rubuta wa shugaban makarantarku kana neman izinin tafiya gida. Wannan wasiƙar hukuma ce. Adireshi biyu take ɗauka, naka da nasa, sai “Dear Sir”, sai kanun magana. A ƙarshe ka sa “Yours faithfully”, ka rattaba hannu, ka rubuta cikakken sunanka. Ba ruwanta da tambayar lafiyar iyali, wadda mu Hausawa muke ganin rashinta rashin ladabi ne. A nan ladabin shi ne ka faɗi buƙatarka tun a layin farko: “I write to request permission”.

Idan kuwa abokinka za ka ba labarin tafiyar, adireshinka kaɗai ya isa. Ka gaishe shi yadda ka ga dama, ka rufe da “Yours sincerely” da sunanka na farko, ba sa hannu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsakiyar wasiƙa, bayan hannu ya saki. Sai ka ga “can't” ta kutso inda “cannot” ta dace, ko “kids” a gurbin “children”. Aboki zai karɓi waɗannan, shugaba kuwa a'a. Shi ya sa in ka gama, ka sake bin wasiƙar hukumar layi-layi kana farautar gajartattun kalmomi.